Hannun Baba a Hoton Tarwaɗa

Ni ne na fara ɗora kifin Baba a waya, wannan ko taubashiyata ba za ta musa ba. Ina koyarwa a firamare a cikin garin Haɗeja, idan na taso sai in biya bayan gidanmu inda Baba yake banda, in ɗauki hoton tarwaɗa a kan ragar ƙarfe, in saka a sitatus da ɗan shafin da na buɗe na sayar da kaya. Masu so su yi magana, in zuba a kwali in kai tasha. Shekara biyu ina haka ba wanda ya ce mini ci kanka.

Baba yana ware kifinsa kashi uku, manya, matsakaita da ƙanana. Manyan su ne zaɓin farko, kuma ba su da yawa, ko lokacin da ruwan fadama ya ja baya kifi ya yi arha. Su masu gidan abinci suke nema. Tun da na fara harkar, ni Baba yake bar wa su, ban taɓa roƙa ba, ban kuma taɓa tunanin abu ne da za a iya ƙwacewa ba.

Sai 'yar Gwaggo ta gama karatunta ta dawo gida. Gwaggo ƙanwar Baba ce, don haka ni da 'yarta taubasai ne, tun muna yara ba ma haɗuwa mu rabu ba mu tsokani juna ba. Ni in ce baiwata ce, ita ta ce ai ni ne bawa. Wata ranar Asabar ta shigo da kwalin farar takarda a hammata, ta durƙusa ta gai da Baba, ta ce, "Kawu, ni ma a sam mini matsakaitan nan in gwada sa'ata."

Na yi dariya na ce, "Ke da ba ki san tarwaɗa da karfasa ba?"

Ta ce, "Malam, kai dai je ka goge allo."

Bayan kwana uku na fara cin karo da hotonta, na daɗe ina kallo. Kifin Baba ne, na san shi, naɗaɗɗe da wutsiya a baki an soke da tsinke. Amma babu raga, babu toka, babu tsohon duro, babu akuyar maƙwabta da take yawan shigo mini hoto. Fari fat a bayansa, har da 'yar inuwa a ƙasa, kamar kayan babban kanti. A gefen kifin kuma ga hannun Baba a buɗe, ya miƙe babban yatsa da na tsakiya. Haka yake yi duk lokacin da zai nuna wa mai saye kifi, sai ya ɗora taƙinsa a gefe. Baƙin hannu ne da hayaƙi ya rina, da zoben azurfa, da ƙaramin yatsan da ƙayar tarwaɗa ta taɓa sokewa ya warke a lanƙwashe.

Na koma na duba nawa hotunan. A ɗaya har da silifas ɗina.

Zan faɗi gaskiya, kishi ne ya kama ni, irin wanda yake hana mutum jin daɗin tuwo. Mutanen da suka shekara biyu suna kallon sitatus ɗina ba su ce uffan ba, su ne suke rubuta mata "Masha Allah" a ƙarƙashin kifin ubana. Wanda ya fi ci mini rai shi ne Baba. Ta nuna masa wayar, ya nisantar da ita daga idonsa, ya kalla, ya yi murmushi ya ce, "Kai, yarinyar nan ta yi wa kifin nan wanka." Ni shekara biyu bai taɓa cewa in nuna masa hoto ba. Ni ma dai ban taɓa nuna masa ba, amma a lokacin ba ta nan nake lissafin ba.

Da wata biyu suka wuce, Baba ya ce da mu wata safiya, yana juya kifi bai ko kalle mu ba, "Hajiyar nan mai gidan abinci a Kano ta ce za ta riƙa karɓar kwali duk mako. Wanda ta tsaya da shi a cikinku, shi zan riƙa bar wa manyan." Hajiyar tsohuwar mai sayen Baba ce, tun lokacin da take zuwa Haɗeja da kanta. Da ƙafa ta fara yi mata ciwo sai ta koma saye ta waya, kuma tana ganin sitatus ɗinmu mu biyun.

Abin da ya kamata in yi shi ne in je in ce, 'yar Gwaggo koya mini. Minti goma ya isa. Amma in durƙusa wa baiwata? Na gwammace in ƙona data.

Na sauko da wata manhaja ta cire bayan hoto. Aikinta a ido mai sauƙi ne: ka ba ta hoto, ta ɗan yi tunani, ta ware abin da take ganin shi ne kayan, ta share sauran. Na ba ta hoton tarwaɗa a kan raga. Kifi baƙi, raga baƙa, duro baƙi. Ta rasa inda kifi ya ƙare raga ta fara, sai ta cinye rabin wutsiya ta bar mini guntun waya manne a kan kifin. Gashin bakin tarwaɗar kuwa, siraran nan, duk ta aske su. A tsakiyar naɗin, inda rami yake, ta bar toka da raga yadda suke, don ta ɗauka jikin kifi ne. Na gwada wani hoton, ta bar akuya ta cire kifi.

A hankali na gane laifin ba na manhajar ba ne kaɗai. Tana buƙatar ta ga bambanci tsakanin kaya da abin da yake bayansa. Shi ya sa taubashiyata take yawo da farin kwali. Na aro farar takarda babba daga makaranta, na shimfiɗa a tsakar gida da rana tsaka. Nan ma kuskure ne, rana ta yi ƙarfi, inuwar kifin ta fito baƙa ƙirin a manne da shi, manhajar ta haɗa ta da kifin, ya fito kamar mai ƙusumbi. Sai da na koma ƙarƙashin rumfa da hantsi, inda haske yake da laushi, sannan gefen kifin ya fito tsaf.

Ko a haka sai an bi da hannu. Akwai alamar gogewa da alamar maidowa. Ka ja hoton da yatsa biyu ya girma, ka rage kaurin burushin, ka shiga ramin tsakiya ka goge abin da ya rage, ka koma ka maido da gashin baki ɗaya bayan ɗaya. Yatsana kauri gare shi, in goge nan in ɓata can. Matata ta leƙo ta ce, "Wai kifin ne kake yi wa kitso?"

Da na gama, bayan kifin ya zama ƙananan akwatuna fari da toka. Na ɗauka wani zane ne manhajar ta saka mini, ashe alama ce ta cewa babu komai a wurin. Na adana shi a haka, a nau'in da ake kira PNG, na ɗora a sitatus ina jin kaina. Da na buɗe sai na ga bayan ya koma baƙi ƙirin, kifin ya nutse a ciki, sai tsinke kaɗai ake gani. Wurin da babu komai, idan aka matse hoton aka sauya masa nau'i, dole a cike shi da wani launi, ni kuwa aka cike mini da baƙi. Kafin in sauke, taubashiyata ta gani. Ta turo saƙon murya tana dariya har da tari: "Malam, an ɗauke wuta ne a shagonka? Ka zuba farin launi a baya kafin ka adana, bawan Allah. Ka ga na taimaki bawana kyauta."

Na bi shawarar, ban gode ba. Na zuba fari, na ƙara 'yar inuwa mai laushi a ƙasa don kada kifin ya zama kamar yana shawagi. Ya yi kyau, amma bai fi nata ba, ni kuma ba daidai nake nema ba. Na zauna ina bin hotunanta ɗaya bayan ɗaya ina neman aibu, kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Sai idona ya tsaya a kan hannun. A kowane hoto yana nan. Na ce a raina, to ga inda ta gaza. Wane kanti ne yake saka baƙin hannu da karkataccen yatsa kusa da abinci? Na yanke cewa ba ta iya cire shi ba ne, ko kuwa ƙyuya ce.

Ranar da zan ɗauki hoton da zan tura wa Hajiya, manyan ba su fito daga banda ba tukuna, sai matsakaita. Na zaɓi mai kyau ɗaya na ɗora a farar takardata a ƙarƙashin rumfa. Baba yana wucewa ya gan ni. Ya tsaya, ya goge hannunsa a jikin riga, ya durƙusa da ƙyar saboda gwiwa, ya ɗora taƙinsa a gefen kifin. Ban roƙe shi ba. Ya ce, "Ɗauka mana." Na ɗauka. A fuskarsa na ga ya ji daɗi, kamar yau ɗansa ya shigo hanya.

Manhajar ta bar hannun tare da kifin, don a wurinta duk kaya ne. Ni na ɗauki burushin gogewa na bi shi. Na fara da zoben, na bi yatsu, na gama da ƙaramin mai lanƙwasa. Inda babban yatsan ya kusa taɓa kifin na girmama hoton na bi a hankali, ban bar ko ɗigo ba. Sannan na yanke gefe da gefe, na ja kifin ya cika hoton.

Nan ne wurin da ba na son tunawa. Da kifin ya cika hoton, babu hannu, babu raga, babu komai da ido zai gwada shi da shi, sai ya zama ƙato. Na lura da haka. Ba zan ce ban lura ba. Wata zuciyar ta ce in rubuta "matsakaici" a ƙasa, wata ta ce ai ban ce babba ba ne, kowa ya yi amfani da idonsa. Na bi ta biyun. Wayata tana ta kukan ta cika, sai na share hotunan asali duka, har da kwandon sharar, na bar gyararren kaɗai.

Na tura wa Hajiya. Ba a jima ba ta amsa: "Masha Allah, irin wannan nake so. A cika mini kwali." Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Na tura wa taubashiyata hoton saƙon har da na kifin, na rubuta, "Baiwa ba ta wuce ubangidanta." Ta amsa da kalma biyu: "Ina hannun?" Na ce na bar mata shi, ta yi ta fama.

Na cika kwali da irin kifin da na ɗauka, daidai da shi, na kai tasha na ba direban Kano. Na gaya wa kaina cewa abin da ta gani shi na aika.

Washegari da la'asar muna wajen banda, Baba yana ƙara itace, taubashiyata tana jera kifi a kwalinta, sai ƙaramar wayar Baba ta yi ƙara. Baba ba ya jin waya sai ya buɗe murya, don haka duk muka ji. Hajiya ce. Bayan gaisuwa ta ce, "Malam, shekara nawa muna tare? Ni kifi ɗaya nake sawa a faranti, mutanena sun san girmansa. An nuna mini wanda zai cika faranti, an aiko mini wanda sai na haɗa biyu. Ban ce kifin ba shi da kyau ba. Amma kallon kitse aka sa na yi wa rogo."

Baba ya ba ta haƙuri, ya ce za a aiko mata manya, wancan kuma ta riƙe a yadda ta ga ya dace. Da ya kashe wayar bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na fi samun sauƙi. Ya miƙo hannu ya ce, "Mu ga hoton."

Na ba shi. Ya nisantar da wayar daga idonsa kamar yadda ya yi wa nata. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba shi ne na ranar nan ba? Wanda na durƙusa?"

Na ce shi ne.

"Ina hannuna?"

Na fara bayanin cewa a harkar intanet an fi son hoto tsaf, babu komai sai kaya. Taubashiyata ta katse ni, kuma wannan karon babu wasa a muryarta. Ta ce, "Kawu, ni ma ran farko na cire shi. Sai wata mata ta tambaye ni, kifin nan kamar tafin hannu yake ko kamar faranti? Tun ranar nake barinsa. Wani lokacin manhajar takan yanke yatsun, sai na bi na maido da su." Ta juyo gare ni. "Da ka tambaye ni, da na gaya maka. Na ma tambaye ka ina hannun."

Ashe abin da nake kira ƙyuya shi ne ya fi cin lokacinta. Baba ya miƙo mini wayar ya ce, "Tun ina saurayi nake ɗora taƙina kusa da kifi, don mai saye ya san abin da yake saye ko da bai taɓa ba. Ba ado ba ne." Ya juya ya ci gaba da gyara itace. Can ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Manyan gobe, a ba 'yar Gwaggonka ta aika Kano."

Shi ke nan maganar. Ba a sake ta da ita ba, kuma manyan ba su sake dawowa hannuna ba.

Da na koma ɗaki na buɗe manhajar, na danna alamar maidowa ina shafa wurin da hannun yake. Fari ne kawai yake fitowa. Burushin maidowa daga hoton asali yake ɗebowa, ni kuwa na rufe aikin, na share asalin da kaina. Abin da ya rage mini hoto ne shafaffe, kifi da farin launi sun zama abu ɗaya.

Bayan kwana biyu na haɗiye girman kaina. Na shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin rumfa, na ɗora matsakaicin kifi, na jira Baba ya zo wucewa. Taubashiyata tana gefe tana ɗaure kwalin Kano da igiya. Na ce, "Baba, ko za ka ɗan ɗora mini hannu?"

Ya tsaya ya kalli takardar, ya kalli kifin. Hannayensa suna bayansa a harɗe, bai sake su ba. Ya ce, "Ai kana da hannu. Sa naka." Ya wuce wajen banda.

Na durƙusa na ɗora nawa, na miƙe babban yatsa da na tsakiya yadda yake yi. Taubashiyata ta karɓi wayar ta ɗaukar mini, ba ta tsokane ni ba, wanda ya fi mini ciwo a kan tsokanar. Na duba hoton. Hannu ne mai laushi, farce a yanke, da ɗan farin alli a gefen yatsa, babu tabo ko ɗaya. Manhajar ta cire bayan cikin sauƙi, ko gyara ban yi ba.

Har yau da shi nake sayar da matsakaita da ƙanana, kuma ba wanda ya sake cewa na ruɗe shi. Ina rubuta girman kifin a ƙasa ma, don ƙarin bayani. Amma duk ranar Laraba idan manyan sun fito, nakan ji ta daga ɗaki tana cewa, "Kawu, zo ka sa mini albarka," in ji ƙarar gwiwarsa yana durƙusawa. Da yamma in buɗe sitatus ɗinta, alhali na san abin da zan gani, in danne hoton da yatsa don kada ya wuce. Ba kifin nake kallo ba, ƙaramin yatsan nan mai lanƙwasa nake kallo, wanda na ɓata minti ashirin ina gogewa.